Minti biyu a gaban manya: abin da ma'aikaciyar jinya za ta faɗa ranar karɓar lambar yabo

"Hajiya, ina wuni. Ni anfirmiya ce, shekarata uku da fara aiki a sashen yara masu tamowa a wani asibitin gunduma cikin jihar Damagaram. An zaɓe ni cikin waɗanda za a ba lambar yabo ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, an ce in yi jawabin minti biyu gaban gwamna da manyanmu. Ban taɓa riƙe mikro ba, kuma akwai waɗanda suka girme ni a aiki nesa ba kusa ba da ba a ba su ba. Me zan ce?"

Lafiya lau, ƴata. Barka da arziki, Allah ya sa albarka.

Fara da agogo kafin alƙalami. Mutumin da ke magana a natse, yana numfashi tsakanin jimloli, ba ya wuce kalma 120 zuwa 130 a minti guda. Ke nan duk abin da kike da shi bai wuce kalma 260 ba, shafi guda na littafin lakwal idan rubutunki manya ne. Ki riƙe wannan, don a nan yawancin masu karɓar lamba suke faɗuwa. Sukan zo da shafi uku, su cinye minti ɗaya da rabi kan gaisuwar manya, sai su hango mai gabatarwa yana duba agogo, su shiga gudu, abin da ya kamata a ji ya fita a gurguje ba wanda ya kama. Ga shi watan Mayu ne, tsakiyar bazara. Mutane suna ƙarƙashin rumfa tun hantsi, an riga an yi jawabi huɗu ko biyar, kowa yana fifita da takardar tsarin taro. Wadda ta gama kafin a gaji da ita, ita ake tunawa.

Gaisuwar manya ba a tsallake ta, amma ba ke ce za ki bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan aikin mai jawabin buɗe taro ne, kuma zai riga ya yi. Ke ki ambaci uku, huɗu in ya yi yawa: gwamna, mai martaba Sarkin Damagaram, daraktan kiwon lafiya na jiha, sannan ki haɗe sauran cikin kalma guda, "da dukan manyan baƙi, kowa da girmansa". Jerin wa ke gaba wa ke baya kada ki tsara shi da kanki. Ki isa wurin da wuri, ki sami mai gabatarwa, ki ce ya nuna miki takardarsa, ki kwafi jerin yadda ya rubuta. Ki tambaye shi kuma wa ya zo da kansa, wa ya aiko wakili. Abin kunya ne ki ce "mai girma gwamna" alhali babban magatakarda ne zaune a kujerar, ko ki gaida sarki kai tsaye alhali wani basarake ya wakilta. Muƙamai ma suna canjawa: tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024 aka naɗa kantomomi, mutane da yawa bakinsu bai daina cewa magajin gari ba. Duk wannan minti biyar ne da mai gabatarwa. Gaisuwar gaba ɗaya kada ta ɗauke miki fiye da daƙiƙa 20.

Yanzu abin da ya fi damun ki, wato manyan da ba a ba su ba. Na san abin da zuciyarki take raɗa miki: ki tashi ki ce "wallahi ban cancanta ba, akwai waɗanda suka fi ni". Kada ki faɗa. Mun tashi da cewa yabon kai jahilci ne, gaskiya ne kuma, amma wannan jimla ba tawali'u take kaiwa kunnen masu sauraro ba. Kwamitin da ya zauna ya duba takardu ya zaɓe ki yana nan zaune a sahun gaba, kin ce musu a bainar jama'a sun yi kuskure. Majo, shugaban ma'aikatan jinya na sashenku, da ya rubuta sunanki ya aika, kin kunyata shi. Ita kuma babbar da ta yi shekara ashirin ba a kira ta ba, kin sa duk idon sashenku ya juya kanta, abin da ba ta roƙe ki ba. Kyauta idan an miƙo, da hannu biyu ake karɓa a ce an gode. Girmama manya yana da wata hanya, ita ce ki faɗi takamaiman abin da suka koya miki. "Su suka koya mini" magana ce da ke ɗaga su. "Sun fi ni cancanta" tana tuna musu an tsallake su.

Haka kuma kada ki bi ɗaya gefen ki karanta tarihinki, shekarar da kika shiga makarantar kiwon lafiya, inda kika yi sitaj, horon da kika halarta. Mai gabatarwa zai karanta dalilin ba ki lambar kafin ya kira ki. In kin maimaita, kin zama mai yi wa kanki kirari.

To me za a sa a tsakiya? Abu guda daga cikin aikin, ƙarami, wanda za a iya gani da ido, wanda kuma ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Wannan shi ne jawabin, sauran duk riga ce. Kuma ke Allah ya ba ki sashen da ba sai kin yi dogon nema ba.

Ki tuna daren gardi a watan Agusta ko Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya cika gadaje har ana haɗa yara biyu a gado guda. Yaron da aka kwantar da tamowa mai tsanani, a kwanakin farko ba a cika masa ciki. Madarar magani ce ake auna masa gwargwadon nauyinsa, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku, dare da rana, wani ma duk awa biyu in ya yi rauni sosai. Ke kin san dalili: jikinsa ba shi da ajiya, sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri, jikinsa yana yin sanyi, kuma da tsakar dare zuwa asuba abin ya fi tsanani. Yaron da aka tsallake masa madarar ƙarfe uku na dare ana iya tarar da shi da safe ya yi laushi, jiki sanyi ƙalau. Gwamna bai san wannan ba. Rabin waɗanda ke rumfar, har da wasu ma'aikatan ofis na kiwon lafiya, ba su taɓa tsayawa a sashen da wannan lokaci ba. In kin ba su wannan cikin jimla huɗu, kin ba su abin da za su tafi da shi gida.

Sannan dubi hannun da ke cikin kofin madarar nan guda. Akwai wadda ta tafasa ruwa ta dama ta auna. Akwai uwar da ta kwana uku ba ta runtsa ba, aka tashe ta ta tashi, ta rungume yaron a ƙirji don ya ji ɗumi. Akwai mai shara da ta wanke kofuna da bokitai, wadda in ta yi sakaci gudawa ta zagaye sashen. Akwai mai gadin da ya riƙe tocila lokacin da wuta ta ɗauke kina neman jijiya a hannun da bai fi yatsanki biyu kauri ba. Tun kafin nan akwai ma'aikacin sa-kai na ƙauye da ya zagaya dantsen yaron da ma'auni, ya ga ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, ya matsa wa iyayen su kawo shi. Kin ga ba sai kin ce "wannan lamba ta mu duka ce" ba, maganar da duk mai karɓar lamba yake faɗa har ta daina nufin komai. Kina lissafa waɗannan mutane da aikinsu, mai sauraro da kansa zai kai ga haka. Don wannan ne ma nake ba ki shawara ki bar "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta huta ranar. Karin magana ce mai kyau, amma ina tabbatar miki wani zai riga ki faɗin ta kafin a kira sunanki.

A nan akwai rami, kuma ma'aikatan jinya ne kaɗai ke faɗawa cikinsa, ba ƴan kasuwa ko ƴan ƙwallo ba. Za ki ji sha'awar ba da labarin yaro guda da ba ki manta ba. Kada ki ba da shi yadda za a gane shi. Sirrin majinyaci bai ƙare don an sallame shi ba, bai kuma ƙare don labarin ya yi daɗi ba. Cire suna kawai bai isa ba a ƙasarmu. In kin ce "wasu tagwaye da aka kawo daga ƙauye kaza bayan ƙaramar salla, uwarsu ta rasu wajen haihuwa", kin faɗi suna ko ba ki faɗa ba. Gidajen rediyo za su ɗauka, wani zai ɗauki bidiyo da salula, kafin magariba ya isa ƙauyen. Kuma kin san yadda ake kallon tamowa: mutane suna ɗaukar ta shaidar cewa maigida ya kasa ciyar da gidansa, ko uwa ta yi kwanika. Abin da ke kika faɗa da tausayi, kishiya ko dangin miji za su mayar da shi gori. Gwajin da za ki yi mai sauƙi ne. Ki ɗauka kakar yaron tana zaune a rumfar. In za ta iya cewa "jikana ake nufi", goge. Ki yi maganar dare, ba yaro ba. "Yaranmu", ba "wani yaro" ba. Adadi ma haka: in ba daga rajistar sashen kika ciro shi ba, majo kuma ya yarda a faɗa, ki bar shi. Darakta yana zaune da nasa alƙaluman, bai kamata naki su saɓa da nasa a gaban gwamna ba.

Sunayen abokan aiki kuwa, ko dai duka ko babu, kuma duka ba za su shiga minti biyu ba. Kika ambaci biyar, ta shida za ta riƙe ki har ki bar sashen, ku kuma za ku raba gardi gobe. Ki ambaci mutane da aikinsu, kamar yadda na jero a sama. Mutum guda kawai za ki iya warewa ba wanda zai ji haushi, wato wadda ta karɓe ki ranar da kika fara, in kowa ya san ita ce. Ita ma ki sanar da ita tun ana gobe taron, akwai waɗanda ba sa son a kira su cikin taro. Iyaye da maigida jimla guda ta ishe su, ba tare da suna ba, "iyayena" da "maigidana". Ba rowa ba ce, kunya ce, kuma su da kansu za su fi jin daɗin haka. In surukarki ce ke riƙe miki yara daren gardi, ki sa ta, ko da za ki cire wani abu. An fi manta irin su, kuma su ne ba sa mantawa.

Wataƙila tun da aka ji za ki riƙe mikro gaban gwamna, wasu sun fara zuwa miki da saƙo: ki yi maganar alawus, ki yi maganar ƴan kwantaragi da ba a ɗauka ba, ki ce ba safar hannu. Matsalolin gaskiya ne, ban musa ba, na yi aiki cikinsu. Amma akwai sandika, kuma a irin wannan rana yawanci ana ba wakilin ma'aikata nasa lokacin. Ke shekararki uku, ba ki da rigar da za ta kare ki in maganar ta yi wa wani zafi, kuma waɗanda suka aiko ki ba za su raka ki ofishin darakta ba. Abin da za ki iya, in kina so, shi ne roƙo guda, a jimla guda, wanda ya fito daga labarin da kika bayar kuma don majinyata ne, ba don aljihunku ba. Ki nuna wa majo jimlar kafin ranar. In ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar, cire ta.

Harshe: in an buɗe taron da Faransanci, ki yi gaisuwar manya da Faransanci, jimla guda, sannan ki nemi izini ki koma Hausa. Iyayenki suna wurin, masu shara da masu gadin da za ki gode wa suna wurin, bai dace a gode wa mutum da harshen da sai an fassara masa ba. Kada dai ki faɗi komai sau biyu, lokacin ba zai kai ba.

Ga yadda zai iya kasancewa. Ki canja shi ya zama bakinki, kada ki haddace nawa.

"Assalamu alaikum. Mai girma gwamna, mai martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninka, mai girma daraktan kiwon lafiya, da dukan manyan baƙi, kowa da girmansa, ina gaishe ku.

Na gode wa Allah. Na gode wa kwamitin da ya ga aikina ya zaɓe ni. Na karɓa da hannu biyu.

Ina aiki a sashen yara masu tamowa. A wurinmu akwai madarar da ake ba yaro ƙarfe uku na dare. Ba ta cika kofi ba, amma in aka tsallake ta, ana iya rasa yaron kafin gari ya waye. Kafin ta kai bakinsa, wata ta dama ta auna, wata ta wanke kofin, mai gadi ya haska mana in wuta ta ɗauke, uwa kuma ta tashi duk da gajiyar da ke jikinta. Ni ɗaya ce cikinsu. Yau sunana aka kira, shi ya sa nake so ku ji nasu aikin.

Ranar da na fara, hannuna rawa yake in zan sa wa jariri allurar ƙarin ruwa. Yayyena da iyayena na sashen su suka riƙe hannun har ya tsaya. Abin da aka yaba yau, a wurinsu na koya.

Ina gode wa iyayena da suka bar ni na yi karatu, da maigidana, da surukata da ke kwana da ƴaƴana in ina gardi.

Roƙona guda ne. Damina tana tafe, gadajenmu za su cika. Iyaye, in yaro ya fara ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura, a kawo shi da wuri, kada a jira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa kowa da alheri. Na gode."

Ki karanta shi da agogo, za ki ga bai cika minti biyun ba, kuma da gangan ne. Tafi zai ci wani abu, in danginki sun zo da mai guɗa ita ma za ta ci nata, ke kuma za ki tsaya haɗiye miyau. Lura da roƙon: na juya shi ga iyaye maimakon hukuma. Ba wanda zai ji an tsokane shi, rediyo za ta so ta maimaita shi, kuma gwamna ya ji cewa gadaje suna cika ba tare da kin nuna shi da yatsa ba. Na sa kumburin ƙafa musamman saboda mutane da yawa ba sa ɗaukar yaron da ya kumbura a matsayin mai tamowa, gani suke ƙiba ce ko wani ciwo daban, alhali kumburin ƙafafu biyu shi kaɗai ya isa a ce tamowar mai tsanani ce. In kina ganin lallai a ambaci dalilin ranar, cewa 12 ga Mayu ranar haihuwar Florence Nightingale ce a 1820, bar wa masu jawabin farko, ba za su rasa faɗa ba.

Jimlar rawar hannu ita ce wurin da murya ke karyewa, musamman in kin haɗa ido da wadda ta koya miki. Kada ki kalle ta a wannan gaɓa, ki kalli bayan rumfa. In duk da haka hawaye ya zo, ki yi shiru, ki ja numfashi, ki ci gaba daga jimla ta gaba. Ba a ba da haƙuri a kan wannan, kuma ba a komawa farko.

Ki rubuta jawabin da manyan baƙaƙe a takarda mai kauri, rabin shafi gaba rabi baya, don takarda mai laushi tana nuna rawar hannu har sahun ƙarshe. Kada ki karanta daga salula, allon yana mutuwa ana tsakiyar magana, ga hasken rana. Ki maimaita shi da ƙarfi, a tsaye, gaban mutum guda mai faɗa miki gaskiya, har sai kin iya faɗin gaisuwar da jimlar ƙarshe ba tare da duba takarda ba. Tsakiyar ki karanta abinki, ba laifi.

Da an miƙo miki takardar yabon, ki karɓa da hannu biyu, ki ɗan rusuna, ki tsaya a ɗauki hoto, sannan ki ba wani ya riƙe miki kafin ki je ga mikro. Ki shirya wannan mutumin tun kafin a fara, ki ce ya zauna kusa. In ba haka ba za ki tarar da kanki da allon gilashi a hannu guda, takardar jawabi a ɗaya, mai gabatarwa kuma yana miƙo miki mikro, ga mayafi yana zamewa. Mikron ki riƙe shi kamar tazarar yatsu huɗu daga baki, kada ki busa shi ko ki buga shi, sallamar da za ki yi ita za ta gaya miki ko yana aiki. In ya ɗauke ana tsakiya, kamar yadda yakan faru, ki ɗaga murya ki ƙarasa, kada ki tsaya jiran mai gyara.

Farar rigar aiki za ki sa ko kayan gida, wannan ki tambayi masu shirya taron, don wani lokaci suna son duk masu karɓa su fito iri ɗaya. Ki duba jadawalin gardi kuma tun yanzu. In daren 11 ga wata ya faɗo kanki, ki nemi musanya da wata tun da sauran lokaci, ki biya ta daga baya.